Waiwaye: Mako Arba'in, Amma Daga Wace Rana?

Duk macen da ta taɓa zuwa awon ciki ta san tambayar da ake fara yi mata bayan an rubuta suna da unguwa: yaushe rabonki da al'ada? A shekarun da na yi ina aikin ungozoma a asibiti, amsa iri uku na fi ji. Wata za ta ce ran kaza ta yi wanka. Wata za ta ce wata biyu ke nan da ta yi ɓatan wata. Wata kuma, wadda ba ta cika yawa ba, za ta faɗi ranar da ta fara ganin jini. Dukkansu gaskiya suka faɗa, amma ta ukun nan ce kaɗai ta ba da abin da lissafin yake nema. Tsakanin amsar farko da ta uku akwai kusan mako guda, tsakanin ta biyu da ta uku kuwa akwai mako huɗu cur. A sha'anin haihuwa mako huɗu ba wasa ba ne, domin yana iya zama tazarar da ke tsakanin jariri mai ƙwari da wanda huhunsa bai gama nuna ba.

A wancan lokacin kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai tef irin na tela da muke auna tsayin ciki, akwai ɗan ƙahon nan na ƙarfe ko na itace da muke kafawa a ciki mu saurari bugun zuciyar ɗa, sai kuma faifan kwali mai hawa biyu da ke zama a aljihun kowace malamar awo. Faifan waje yana ɗauke da watanni da ranakun shekara, na ciki kuma yana ɗauke da makonni. Sai ka juya kibiyar farko ta tsaya a kan ranar da jini ya fara, kibiya ta biyu kuma ta nuna ranar da ake sa ran haihuwa. Gefen nawa har ya yi laushi ya yi baƙi saboda yawan juyawa. Yau waya ta karɓe aikin faifan, amma abin da take yi shi ne dai wanda faifan yake yi: ƙara kwana 280, wato mako arba'in, a kan ranar farko ta al'adar ƙarshe.

Wannan lissafi ya girmi kowane asibiti da ke ƙasar Hausa. Ana jingina shi ga wani likitan haihuwa Bajamushe, Franz Karl Naegele, wanda ya koyar a Heidelberg, ya rayu daga 1778 zuwa 1851. Shi ma ba shi ya ƙago shi ba, ya ɗauko ne daga koyarwar Herman Boerhaave, malamin likitanci a Leiden ta ƙasar Holan, wanda ya rasu a 1738. Ƙa'idar a taƙaice take, shi ya sa ta daɗe: a ƙara kwana bakwai a kan ranar al'ada, sannan a ƙirga wata tara gaba. Wasu kan ce a koma baya wata uku a ƙara shekara, duk hanya ɗaya ce. Masu binciken tarihin likitanci sun lura cewa maganar Boerhaave ba ta fayyace ko daga farkon jinin za a ƙirga ko daga ƙarshensa ba. Ke nan ruɗanin da matanmu suke shiga tsakanin ranar jini da ranar wanka tsohon ruɗani ne, tun daga tushe yake. Abin da asibitocin duniya suka tsaya a kai dai shi ne ranar farko, kuma a kanta aka gina duk sauran ma'aunan awo.

Mai hankali zai tambaya, don me za a ƙirga ciki daga ranar da mace take jini, alhali kowa ya san ranar babu ciki? Dalilin shi ne ranar da ciki ya shiga ɓoyayyiya ce. Mace ba ta ganin lokacin da ƙwai ya fita, kuma maniyyi yana iya zama da rai a jikinta har kwana biyar yana jiran ƙwan, don haka ko ranar saduwa ba lallai ta zama ranar ɗaukar ciki ba. Jini kuwa ana ganinsa. Ga macen da al'adarta ke zagayowa duk kwana ashirin da takwas, ƙwai kan fita wajen kwana na sha huɗu. Daga haɗuwar ƙwai da maniyyi zuwa haihuwa kimanin kwana 266 ne, wato mako talatin da takwas. A haɗa da sha huɗun nan na farko, sai a samu 280. Ma'ana, makonni biyu na farkon lissafin asibiti makonni ne da cikin bai ma shiga ba. Wannan ya sha jawo fitina a gidajen aure. Ango ya kawo amarya, takarda ta ce ciki mako takwas, shi kuma ya ƙirga ya ga mako shida da tarewa, sai fuska ta canza. Na sha zaunar da irin wannan maigida in zana masa a bayan kati kafin hankalinsa ya kwanta. Mako takwas na asibiti, ɗan mako shida ne a mahaifa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A 2025 an fara azumi a Najeriya ranar 1 ga Maris, don haka kwanakin Ramadan suka zo daidai da na Maris. A ce mace ta zo awo, an tambaye ta rana ta ce ba ta riƙe ba. Malamar da ta san aiki ba ta tsayawa nan, sai ta tambaye ta azumi nawa ta sha. Nan take za ta tuna, domin akwai ramuwa a kanta: ta kai tara, ran na goma da hantsi ta ga jini, ta yi wanka ran sha shida. To, ranar da muke nema ita ce 10 ga Maris. A ƙara kwana bakwai, 17 ga Maris. A ƙirga wata tara, 17 ga Disamba. Idan kuwa aka bi kalanda aka ƙirga kwana 280 ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda waya ko na'urar hoto take yi, 15 ga Disamba za a samu. Kwana biyun da ke tsakani sun samo asali ne daga yadda watannin Turawa ba tsawonsu ɗaya ba, wani talatin wani talatin da ɗaya. Kada wannan ya dami kowa. A kati za a ga an rubuta LMP a gefen 10 ga Maris, wato ranar farko ta al'adar ƙarshe, da EDD a gefen 15 ga Disamba, wato ranar da ake sa ran haihuwa.

Wadda ta fi sabawa da watan Musulunci ma tana iya yin lissafinta ba tare da ta juya zuwa na Turawa ba. Watan sama kwana ashirin da tara da rabi ne a matsakaici, tara daga cikinsu sun kai kwana 265 ko 266. Saura kamar mako biyu a cika 280. Ke nan sai ta ƙirga wata tara ta ƙara kwana sha huɗu ko sha biyar. Daga 10 ga Ramadan, wata tara ya kai ta 10 ga Jimada Sani, mako biyu kuma ya kai ta wajen 24 ga watan, wanda a shekarar ya faɗo tsakiyar Disamba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki ƙa'idar kwana bakwai da wata tara a ɗora ta a kan watan Musulunci. Amsar za ta gaza da kamar mako guda, saboda watanninmu sun fi gajarta.

Iyayenmu kan ce ciki wata tara ne da kwana tara. Ban taɓa raina wannan magana ba, kuma lissafi ma bai raina ta ba. Wata tara na sama da kwana tara ya kama kwana 275. Idan aka ɗora shi a kan ranar wankan matar nan, 16 ga Maris, zai sauka 16 ga Disamba, kwana ɗaya tak tsakaninsa da na na'ura. Tsofaffin da suka karɓi haihuwa a ɗakunan ƙasa sun lura da abin da likitocin Turai suka lura da shi. Inda matsala take shi ne a gauraya biyun, a ɗauki mafarin wannan a haɗa da tsawon wancan.

Dubi abin da zai faru da matar misalinmu idan mafari ya kauce. Idan ta ba da ranar wanka aka rubuta ta a matsayin ranar jini, za a ce 21 ga Disamba. Kwana shida ne, ana iya jurewa, ko da yake yana da tasiri a ƙarshe idan haihuwa ta yi jinkiri. Idan kuwa ranar ɓatan wata ta bayar, wato 7 ga Afrilu da ta sa ran jini bai zo ba, kati zai ce 12 ga Janairu. Ranar da katin zai ce lokaci ya yi, cikin ya kai mako arba'in da huɗu a gaskiya. Da wuya ciki ya kai haka, amma abin tsoron shi ne duk tsawon makonnin da ya kamata a sa mata ido sosai, kowa yana cewa da saura. Shi ya sa malamar awo ta ƙwarai ba ta karɓar amsar farko ta rubuta. Sai ta sake tambaya da kalmomin da mace take amfani da su: wace rana kika daina salla? Wannan tambayar ta fi kowace fitar da ranar gaskiya, domin mace Musulma ba ta cika manta ranar da ta shiga fashin salla ba.

Ko an samu ranar daidai, ƙa'idar ta ɗauka cewa kowace mace kwana ashirin da takwas take yi, alhali da yawa ba haka suke ba. Abin da ya fi tsayawa wuri ɗaya shi ne tazarar da ke tsakanin fitar ƙwai da zuwan jini na gaba, kusan mako biyu. Ɓangaren farko ne yake tsawo ko gajarta. Macen da take yin kwana talatin da biyar, ƙwanta ba ya fita sai wajen kwana na ashirin da ɗaya, don haka cikinta ya shiga mako guda bayan abin da faifai ya zata. Gyaran mai sauƙi ne: abin da ya ɗara ashirin da takwas a ƙara shi, abin da ya gaza a rage shi. Matar misalinmu, in mai talatin da biyar ce, ranarta 22 ga Disamba. In mai ashirin da huɗu ce, 11 ga Disamba. Ana ƙirga zagayen ne daga farkon wannan jini zuwa farkon na gaba, ba kwanakin tsarki kaɗai ba.

Akwai kuma matan da lissafin bai shafe su ba sam, kuma a wurinmu suna da yawa. Mai shayarwa tana iya ɗaukar ciki ba tare da ta ga jini ko sau ɗaya ba tun bayan wankan jego, domin ƙwai yana riga jini fita. Wannan ce rurrutsa ko kwanika da ake faɗi. Mai allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana iya shafe watanni ba al'ada bayan ta daina. Wata kuma a farkon ciki takan ga ɗan ɗigon jini, ta ɗauka al'ada ce, alhali cikin ya riga ya yi wata. Saboda haka bayan an samu rana, sai a tambaya: jinin nan ya zo a lokacinsa? Yawansa da kwanakinsa kamar na kullum ne? In ta ce ɗan kaɗan ne, kwana ɗaya ya ɗauke, to a koma ga wanda ya gabace shi a yi shakkar wannan.

Ina tuna wata dattijuwa da ta shigo da surukarta da rana tsaka, yarinyar tana tafe tana dafa bango. Kafin su zauna dattijuwar ta ce, "Malama, ki duba mana yarinyar nan. Wata goma sha ɗaya ke nan, cikin ya ƙi fita." Na ce, "Sannu Hajiya, daga yaushe kuka fara ƙirga?" Ta ce tun da jini ya ɗauke mata. Na kwantar da yarinyar na ɗora tef daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, ya ba ni santimita talatin da biyu. Daga wajen mako ashirin da huɗu zuwa talatin da shida, tsayin ciki a santimita yakan yi kusa da yawan makonni, da bambancin biyu sama ko ƙasa. Na kafa ƙaho, zuciyar ɗa tana bugawa lafiya. Da na keɓe da ita na ce, "'Yata, kin yi allura kafin cikin nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce ta yi, ba ta dai faɗa wa kowa a gidan ba sai mijinta. Watanni ukun farko da aka ƙirga mata, babu ciki a cikinsu. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kwana uku ana ba ta jiƙe-jiƙen sa naƙuda, gudawar da ta galabaitar da ita ke nan. Ban tona mata asiri ba. Na ce wa Hajiya cikin bai kai ba, a daina ba ta komai, a dawo awo. Sai bayan kusan wata biyu ta haihu, ɗa namiji mai cikakken nauyi. Yawancin cikin da na ga an ce ya kwanta ko ya wuce shekara, idan aka bi diddigi, watannin rashin jini ne aka haɗa da na ciki.

A zamanin da babu na'ura a kusa, da irin waɗannan alamu muke gwada gaskiyar rana. Saman mahaifa yakan iso cibiya wajen mako ashirin. Mai cikin fari takan fara jin motsi tsakanin mako sha takwas da ashirin, wadda ta saba haihuwa kuma takan riga ta da kamar mako biyu. Alamu ne masu taimako amma ba su da kaifi. Tagwaye, ƙiba, ƙarin mahaifa ko yawan ruwa duk suna ruɗa tef.

Hoton ciki ya canza wannan aiki ƙwarai. A Glasgow ta Sikotland aka fara shi, inda Ian Donald da abokan aikinsa suka wallafa sakamakonsu a 1958, daga baya a shekarun 1970 aka fito da hanyar auna tsawon ɗan tayi daga kai zuwa mazaunai don gane makonninsa. Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma yana jawo asara. Ƙarfin hoto wajen faɗin kwanan ciki yana raguwa ne yayin da cikin yake girma. Kafin mako sha huɗu 'yan tayi kusan girmansu ɗaya, don haka kuskuren hoto bai cika wuce kwana biyar zuwa bakwai ba. A tsakiyar ciki yana kai kwana goma zuwa mako biyu. A watanni ukun ƙarshe kuwa yana kai mako uku, saboda a lokacin kowane ɗa ya kama nasa girman, wani ƙato wani ƙarami. Na'urar ba kwanaki take ƙirgawa ba, girman kai da ciki da ƙashin cinya take aunawa ta yi kirdado. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce kowace mai ciki ta samu hoto ɗaya kafin mako ashirin da huɗu, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tabbatar da kwanan ciki. Mu kuwa mun fi yin hoto a wata na bakwai ko takwas, lokacin da ake son a san namiji ne ko mace.

Mu koma ga matar 10 ga Maris. A ce ta yi hoto ranar 26 ga Mayu, lokacin da lissafin al'ada ya ce mako sha ɗaya daidai. Idan hoto ya ce mako goma da kwana uku, bambancin kwana huɗu ne, ba a taɓa komai, ranarta tana nan 15 ga Disamba. Idan ya ce mako tara, bambancin ya kai mako biyu, ya wuce kuskuren da hoto kan yi a wannan mataki, sai a bi hoto a mayar da ranar 29 ga Disamba. Da zarar an tsayar da rana ta wannan hanya, an gama. Ba a sake canza ta.

Wannan shi ne wurin da na fi ganin ana tafka ɓarna a 'yan shekarun nan. Mace za ta zo da takardun hoto uku a jaka, kowace da ranarta, ta ce wanne za ta bi, kuma mafi yawa sai su zaɓi na baya-bayan nan suna ganin sabo ya fi. Na farkon ne abin riƙewa. Idan hoton wata na takwas ya nuna ɗa ya gaza makonninsa da mako uku, ba lallai rana ce ta yi kuskure ba. Yana iya zama ɗan ne ba ya girma yadda ya kamata, saboda hawan jini, ko zazzaɓin cizon sauro, ko mabiyiya da ba ta kai masa abinci sosai. Wanda ya ɗauki biro ya tura ranar gaba ya rufe alamar haɗari da hannunsa. Ɗan da ya kamata a sa wa ido, wataƙila ma a fito da shi da wuri, sai a ce masa ƙarami ne kawai, da sauran lokaci.

To ko da komai ya yi daidai, rana ta tabbata, hoto ya gaskata ta, ranar nan ba alkawari ba ce. Cikin jarirai ɗari, huɗu ko biyar ne kawai ake haifa a ranar da aka rubuta. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan mata 125 a Amurka, waɗanda aka san ranar fitar ƙwansu ta hanyar gwajin fitsari, ya nuna tsawon cikinsu ya bambanta da har kwana talatin da bakwai. Geron da aka shuka rana ɗaya a gona ɗaya ma ba ya nuna rana ɗaya. Abin da ya kamata a faɗa wa mace shi ne tsakanin kaza da kaza. Daga mako talatin da bakwai zuwa arba'in da biyu duk lokacin haihuwa ne. Ga matar misalinmu, daga 24 ga Nuwamba zuwa 29 ga Disamba ke nan. Saboda haka kayan haihuwa, kuɗin mota, wanda zai ba da jini in an buƙata, da shawarar asibitin da za a je, duk ya kamata su kammala kafin 24 ga Nuwamba. Mai zuwa goyon ciki gidan iyaye ta tafi da katinta da takardar hotonta na farko, ta kuma yi rajista a asibitin can tun da wuri.

Amfanin ranar na gaskiya yana bayyana ne a gefuna biyu. Idan naƙuda ta taso ko faya ta fashe kafin mako talatin da bakwai, bakwaini ne ke tafe, kuma sanin makonnin ne zai nuna wa likita ko a yi wa uwa allurar da ke taimaka wa huhun ɗa ya nuna, ko a tura ta inda ake da kwalbar jarirai. Haka nan wadda za a yi wa aiki a kan shiri ba don gaggawa ba, an fi son a jira mako talatin da tara, kuma in ranar ta karkace sai a ciro ɗa yana fama da numfashi ba gaira ba dalili. A ɗaya gefen, bayan mako arba'in da ɗaya mabiyiya takan fara gajiya, ruwan da ɗa ke kwance a ciki ya ragu, ɗa ya iya yin kashinsa na farko a ciki ya shaƙa, haɗarin mutuwa a ciki kuma ya ƙaru. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tayar da naƙuda a asibiti ga wadda aka tabbatar ta kai mako arba'in da ɗaya. A lura da sharaɗin, sai an tabbatar. Ga matarmu, 22 ga Disamba ce ranar da za a zauna a yanke wannan shawara, ba 16 ga wata ba.

Na ga gidajen da gari na wayewa washegarin ranar kati sai hankali ya tashi, a shiga ba mace jiƙo, ko a kira mai kemis ya ɗaura mata ruwan naƙuda a ɗaki. Ruwan nan magani ne mai ƙarfi, a asibiti ma ɗigo-ɗigo ake sakinsa ana ƙirga ciwon ana sauraren zuciyar ɗa. A gida yana iya fasa mahaifa, a rasa uwa da ɗa cikin sa'o'i. Wucewar rana da kwana biyu ko uku ba ciwo ba ne muddin ɗa yana motsi yadda ya saba. Abin da ba a jira da shi ko da rana ba ta yi ba shi ne zubar jini, fashewar faya, raguwar motsi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannaye. Waɗannan ko tsakar dare ne a kama hanyar asibiti.

Allah ne Masanin ranar da kowa zai zo duniya, mu namu kirdado ne, amma kirdadon yana kyau gwargwadon kyawun ranar da aka ɗora shi a kai. Don haka, 'yar'uwa, duk wata ki rubuta ranar da kika fara ganin jini, a kalandar bango ko a waya ko a bayan littafi, da watan Musulunci ko na Turawa duk ɗaya ne. Maigida, in ta yi ɓatan wata kada ka jira ciki ya fito, ka kai ta awo da hoto kafin ya cika wata uku, kuma ku adana takardar farkon nan har ranar suna. Allah Ya sauki masu ciki lafiya.